Malamar da Aka Yi wa Maganin Maleriya Sau Uku

Ba za a ambaci sunanta ba, mu kira ta Malama, don koyarwa take yi a wata sakandaren 'yan mata a Kano. Shekararta 46, 'ya'yanta shida, autanta ya shiga aji huɗu na firamare. Ta zo asibiti a watan Fabrairu, kuma ba don barci ta zo ba. Cewa ta yi zazzaɓi ne ya ƙi jin magani. Tun Nuwamba take farkawa cikin dare jikinta sharkaf da gumi, zuciyarta na bugawa, ta yaye bargo, bayan ɗan lokaci kuma sanyi ya kama ta ta jawo shi. Sau uku mai kemis na layinsu ya ba ta maganin maleriya, sau ɗaya ya haɗa da na taifod. Da abin ya ƙi, ya ƙara mata da wata 'yar ƙwaya ta sa barci.

Likitar da ta duba ta ta tsaya a kan abu guda a labarin: gumi a tsakiyar hunturu. A Disamba da Janairu, lokacin da kowa a Kano yake neman bargo na biyu, ita tana tashi ta sauya rigar barci. Ta tambaye ta ko an taɓa auna zafin jikinta da ma'auni a lokacin da abin ya taso. Ba a taɓa ba. Ta tambaye ta ko zafin yana wuni a jikinta, da ciwon kai da kasalar gaɓoɓi irin na mai zazzaɓi.

"A'a, likita. Kamar an buɗe murhu ne a ƙirjina, ya hau wuya ya hau fuska. Kafin in ɗebo ruwa a randa in dawo ya wuce."

Zazzaɓin maleriya ba ya zuwa ya tafi cikin minti uku. Daga nan tambaya ta koma kan al'ada, Malama ta ɗan yi jim, don ba ta ga abin da ya haɗa su ba. Shekara ɗaya da rabi ke nan lissafinta ya rikice. Da can kwana 28 ne ba fashi. Sai ya dawo 24, ya koma 40, sau ɗaya ya yi wata biyu bai zo ba har ta zaci ciki ne, kuma da ya zo ya zo da yawa, da gudaji, kwana tara tana fama. Lissafin sallarta ma ya dagule, abin da ya fi damun ta ke nan a lokacin.

Abin da ke faruwa a jikin

Mace ba ta wayi gari al'adarta ta ɗauke ba. Akwai shekarun da ke gabanin haka, galibi daga tsakiyar shekaru arba'in, waɗanda ma'ajiyar ƙwai take aiki yau ta yi sanyi gobe. Sai mace ta cika wata 12 cur ba ta ga jini ba sannan ake cewa ta ɗauke, kuma yawancin mata suna kaiwa nan tsakanin shekara 45 da 55. Malama tana cikin wancan zangon na tsakiya, wanda ya fi kowanne rikitarwa.

Mutane suna ɗauka homon ɗin istirojin, sinadarin da ma'ajiyar ƙwai take samarwa, raguwa yake yi sannu a hankali kamar ruwan rijiya da rani. A wannan zangon ba haka yake ba. Wani watan yakan haura fiye da yadda yake lokacin tana 'yar shekara talatin, wani watan ya faɗi ƙasa warwas. Hawa da saukar nan ita ce ƙwaƙwalwa ba ta jurewa. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki, haifotalamus, wanda shi ke daidaita zafin jiki. A ƙa'ida yana da haƙuri: zafin jiki ya ɗan ƙaru ko ya ɗan ragu, ba ya cewa komai. Idan istirojin ya janye, wasu jijiyoyi a yankin suna yin aiki fiye da kima, haƙurin ya ƙare. Ƙaruwar zafi 'yar kaɗan, wadda bargo ko kofin shayi zai iya jawowa, sai ya ɗauke ta a matsayin gobara. Ya buɗe hanyoyin jini na fata, ya saki gumi, zuciya ta ƙara sauri. Minti ɗaya zuwa biyar abin ya lafa, jiki ya zubar da zafin da bai kamata ya zubar ba, sai rawar sanyi.

Homon na biyu, furojestiron, labarinsa daban ne. Jiki yana samar da shi da yawa ne bayan an saki ƙwai. Watan da ba a saki ƙwai ba, kuma irin waɗannan watanni suna yawaita a wannan zango, kusan babu shi. Wannan yana taɓa barci ta hanya biyu. Idan jiki ya sarrafa furojestiron, yana fitar da wani sinadari mai kwantar da ƙwaƙwalwa, wanda yake aiki a ƙofar da ƙwayoyin sa barci suke aiki. Rashinsa yana sa barci ya zama sama-sama. Sannan shi ne ke tsare bangon mahaifa kada ya yi kauri fiye da kima. Idan babu shi, istirojin ya yi ta gina bango, ranar da zai zube sai ya zube da yawa. Kwana taran Malama ke nan. Wannan zubar jinin za ta dawo cikin labarin barcinta ta wata ƙofar.

Malama ta nemi a yi mata gwajin homon don ta gani a takarda. Likitar ta ƙi, kuma a ganina ta yi daidai. Gwajin FSH, homon ɗin da ke zaburar da ma'ajiyar ƙwai, a mace mai shekara 46 da al'adarta ke rikici yana iya fitowa sama yau, bayan mako uku ya fito lafiya lau. Kuɗi ne za a zubar a kan lambar da ba za ta sauya komai ba. Ga wadda ta haura 45, shekarunta da labarin al'adarta da tasowar zafi sun isa shaida. Gwajin da ya cancanci kuɗinta shi ne na abubuwan da ke kwaikwayon wannan yanayi. Gumin dare a ƙasarmu dole a tuna da tarin tibi: aka tambaye ta tari da rama, babu ko ɗaya. Aka auna TSH, gwajin aikin tayirod, ƙullin da ke gaban wuya, don tayirod mai aiki fiye da kima yana kawo gumi da bugun zuciya da rashin barci iri ɗaya sak, ya fito daidai. Suga daidai, awon jini 128/82, gwajin ciki babu, gwajin maleriya babu. Abu ɗaya ne ya fito da matsala: himogulobin, ma'aunin ƙarfin jini, ya sauka zuwa 10.6, feritin kuma, wato ma'ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, 14 kacal.

Littafin dare goma sha huɗu

Maimakon magani, an ba ta aikin gida. Kowace safiya bayan Asuba ta rubuta lokacin da ta kwanta, sau nawa ta farka, da gumi ko babu, tsawon zaman da ta yi ido biyu, da abin da ta ci ko ta sha daga La'asar. An gargaɗe ta kada ta riƙa duba agogo cikin dare, ƙiyasi ya isa. Malamar makaranta ce, ta zo da shi a jere kamar rajistar aji.

Tana kwanciya ƙarfe 9:00, tana tashi 5:15. Minti 495 ke nan a kan gado. Barcin da take samu a ciki, idan aka daidaita dararen, minti 315 ne, wato awa biyar da kwata. Kashi 64 cikin ɗari na zamanta a gado ne barci, alhali abin da ake nema ya kai 85. Awa uku kowane dare tana kwance tana juyi.

Amma abin da littafin ya fi bayyanawa shi ne farkawar ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta farkon dare, tsakanin sha ɗaya da ƙarfe biyu, sau ɗaya ko biyu, kusan kullum da gumi, kuma takan koma barci cikin kwata. Akwai kuma ta wajen ƙarfe uku, jikinta a bushe, babu zafi ko kaɗan, ita ce mai cin awa ɗaya da rabi, wani lokaci har kiran assalatu. Wannan ya dace da abin da aka gani a ɗakunan gwajin barci: tasowar zafi ta fi tayar da mace a rabin farko na dare, a rabin ƙarshe kuwa, inda barcin mafarki ya fi yawa, jiki ba ya mayar da martani ga zafi kamar da. An kuma ga cewa sau da yawa farkawar ce ke riga zafin, mace ta farka tukuna sannan gumin ya biyo, ita kuma ta ɗora laifin duka a kansa.

Sai likitar ta raba mata tambayar gida biyu. Me ya tashe ki? Me ya hana ki komawa? Amsar ta farko homon ne. Amsar ta biyu, mafi yawanta, abubuwan da Malama ta ƙirƙira ne don ta rama barcin da ta rasa. Da can sai sha ɗaya take kwanciya, ta dawo da shi tara don ta samu ƙari. Ta fara barcin awa guda bayan ta dawo daga makaranta. Asabar da Lahadi tana komawa gado bayan Asuba har tara. Gajiya ta sa ta koma cin goro da yamma lokacin duba littattafan ɗalibai, ga shayi mai kauri bayan Magariba. Sinadarin kafin mai hana barci da ke cikin goro da shayi yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka goron ƙarfe shida yana nan da saura a tsakar dare. Kowanne cikin waɗannan dabara ce mai ma'ana ga wanda ya gaji, amma a haɗe sun cinye yunwar barcin da ya kamata ta taru tun safe ta riƙe ta har Asuba. Zuwa ƙarfe uku yunwar ta ƙare. Bayan watanni ana haka, gadon kansa ya zama wurin lissafin kuɗin makaranta da kayan ɗakin babbar 'yarta.

Akwai layi ɗaya da ta rubuta a gefe, dare shida cikin sha huɗu: "ƙafafu sun hana ni sakat." Da aka bincika, wani abu take ji kamar tafiyar kiyashi can cikin ƙwaurinta idan ta kwanta, sai ta motsa ko ta taka ƙasa ya lafa. Wannan ciwon ƙafa mai hana natsuwa ne, kuma ƙarancin sinadarin ƙarfe na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi. Masu kula da shi suna so feritin ya haura 75. Nata 14. Ga ƙofar da zubar jinin ta biyo. Ƙarin abin takaici, ƙwayar da mai kemis ya ba ta firiton ce, kuma irin wannan maganin mura yana ƙara tsananta ciwon ƙafar.

An tambayi maigidanta ko tana minshari ko numfashinta yana yankewa, don toshewar numfashi cikin barci tana ƙaruwa ga mata a waɗannan shekaru. Ya ce shi dai bai taɓa ji ba. An tambaye ta halin zuciyarta: saurin fushi akwai, amma sha'awar aikinta da jin daɗin mutane suna nan.

Abin da aka yi, bi da bi

An fara da abin da ba ya jira. Ƙwayar ƙarin jini guda ɗaya a rana, da ruwa ko lemo, nesa da shayi don shayi yana hana jiki tsotse ta. Aka dakatar da firiton. Aka tura ta hoton mahaifa, aka kuma ɗebi ɗan samfuri daga bangon mahaifar, saboda zubar jini mai yawa ga wadda ta haura 45 ba a ɗora shi a kan shekaru sai an tabbatar ba wani abu ba ne. Duka suka fito lafiya, aka ba ta maganin rage zubar da za ta riƙa sha a kwanakin al'ada kawai.

Sai gyaran barcin, wanda shi ne ya fi ba ta haushi. Aka ce kada ta hau gado sai 11:15, ta tashi 5:15 kullum har ranakun hutu, kuma babu komawa bayan Asuba. Ƙailula minti 20 bayan Azahar, ba fiye ba. Goro da shayi su tsaya daga Azahar.

"Likita, na zo neman barci kina rage mini wanda nake da shi?"

"Malama, ba barcinki na rage ba. Juyin da kike yi na rage."

Dabarar ita ce a matse lokacin gado ya kusanci barcin da ake samu a zahiri, yunwar barci ta taru, barcin ya haɗe wuri ɗaya. Duk makon da barci ya kai kashi 85 na zaman gado, a ƙara minti 15. Ba a saukar da shi ƙasa da awa biyar, kuma mai farfaɗiya ko direban da zai hau titi da safe ba a sa shi haka kai tsaye. Doka ta biyu: idan ta farka ta ga kamar minti ashirin sun wuce, ta sauka daga gadon. Malama ta ce dama takan so yin nafila. Aka ce madalla, ta yi a tabarma da 'yar fitila mara haske, ta ja carbi, waya kuwa ta kwana a falo, sai ta ji ido ya yi nauyi ta koma.

Makon farko ya yi muni, kamar yadda aka faɗa mata zai yi. Ta yi gyangyaɗi a ɗakin malamai. Dare na biyar ta karya doka ta kwanta tara da rabi, ta farka biyu da rabi ba ta koma ba, washegari ta dawo kan tsari da kanta. A mako na uku farkawar ƙarfe uku ta ragu zuwa kimanin minti 25. A mako na shida tana kwanciya 10:45, barcinta ya kai awa biyar da minti 45 cikin awa shida da rabi, kashi 88. Ƙafafun sun yi sauƙi, ko da yake ma'ajiyar ƙarfe tana buƙatar watanni kafin ta cika.

Gumin kuwa yana nan daram. Gyaran ɗabi'a ba ya hana zafi tasowa, rage ɓarnar da yake yi kawai yake. Ana cikin haka Afrilu ya shigo, rana tana kai digiri 40, ɗakin kwano ya riƙe zafi har tsakar dare, wuta kuma sai an ga dama. Ga haifotalamus ɗin da haƙurinsa ya ƙare, wannan tsokana ce. Farkawar gumi ta koma sau uku, sau huɗu. Ta mayar da shimfiɗarta tsakar gida cikin gidan sauro, ta yi wanka kafin kwanciya, ta koma zanin auduga, ta sayi fanka mai caji. Sun taimaka, ba su isa ba.

A nan aka buɗe maganar mayar wa jiki homon ɗin da yake rasawa ta hanyar magani. Tambayarta ta farko ita ce yaushe abin zai wuce da kansa, ko ta daure. Amsar ba mai daɗi ba ce. Babban binciken nan na Amurka mai suna SWAN, wanda ya bi mata fiye da 3,000 tun 1996, ya ba da rahoto a 2015 cewa matsakaicin tsawon tasowar zafi shekara 7.4 ne, ga baƙaƙen matan Amurka kuwa shekara 10.1, kuma wadda abin ya fara mata tun tana ganin al'ada ita ta fi daɗewa da shi. Tambaya ta biyu kan kansar nono ce, tsoron da ya bazu tun sakamakon WHI na 2002, wani babban binciken Amurka kan wannan magani. Likitar ba ta ɓoye mata ba: haɗa istirojin da furojestiron ko makamancinsa na tsawon shekaru yana ɗan ƙara haɗarin kansar nono, kuma ƙarin yana bin tsawon lokacin da aka ɗauka ana sha. Amma matsakaicin shekarun matan wancan binciken 63 ne, kuma ga mai ƙasa da 60 da alamun suka hana ta rayuwa, amfanin yakan rinjayi haɗarin. Aka bi jerin masu hanawa: kansar nono, daskarewar jini a jijiya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon hanta, zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba. Ba ta da ko ɗaya. Da tana da shi, da an duba wasu hanyoyin, kamar gabafentin da dare, ko ƙaramin awo na wasu magungunan damuwa da ke rage tasowar zafi.

An zaɓi istirojin na fata, filasta mai sakin maikurogiram 50 a rana, don ta fata haɗarin daskarewar jini ya fi na ƙwaya ƙanƙanta. Tunda tana da mahaifa, dole a haɗa da furojestiron, in ba haka ba bangon mahaifa zai yi ta kauri har ya iya rikiɗewa ya zama ciwon kansa. Aka rubuta mata miligiram 200, dare 12 a kowane wata, a sha lokacin kwanciya saboda yana sa barci. An kuma ja mata kunne cewa wannan ba maganin tsarin iyali ba ne, mai ganin al'ada ko jefi-jefi tana iya ɗaukar ciki. Samun maganin ya zama nasa aikin: sai da aka zagaya manyan kantunan magani kafin a same shi, kuɗinsa ya ciji albashi, kuma gumin Afrilu ya ɓamɓare filastar farko kwana biyu da liƙawa, har ta koyi liƙa ta a ƙasan ciki kan busasshiyar fata marar mai.

Cikin mako uku gumin ya ragu zuwa sau biyu ko uku a mako. Littafinta, wanda ta ƙi dainawa, ya nuna wani abin da ba ta lura da shi ba sai da aka ja mata layi: a darare 12 na furojestiron barci yana ɗaukar ta da wuri. Safiyar farko-farko ta ji jiri, aka ce ta daina haɗa shi da tuwon dare ta bari sai za ta kwanta, don abinci yana ƙara yawan wanda jiki ke tsotsa. Ta ga ɗigon jini tsakanin al'ada a wata na biyu, abin da ba baƙo ba ne a watannin farko, da sharaɗin idan ya zarce wata shida a sake dubawa.

A watan Agusta himogulobin ɗinta 12.4 ne, feritin 48, don haka ƙwayar ƙarin jini ta ci gaba. Tana kwanciya 10:15, tana samun sama da awa shida. Farkawar ƙarfe uku ba ta ɓace ba, tana zuwa kamar sau biyu a mako, ta sauka ta yi raka'a biyu ta koma. Makon jarrabawa ta koma wa goron yamma, littafin ya tona ta kafin ta faɗa. An sa mata ranar dawowa bayan wata uku don awon jini da duba nono, za a kuma riƙa sake nazarin filastar kowace shekara, a ci gaba ko a rage. Da za ta fita ta tambaya ko za ta iya kawo yayarta mai shekara 49, wadda ita ma tun bara ake yi mata maganin taifod.